Dawakin Kudu Ɗaya Ce, Amma Kwamfuta Tana Ganin Shida

Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, kuma ko ɗan firamare ya san haka. Amma ka tattara takardun rajista da ma'aikata daban-daban suka cika a faɗin jihar, a shigar da su kwamfuta, sannan ka ce ta ware maka mutane bisa ƙaramar hukumarsu. Jerin da za ta fito maka da shi zai zarce 44 nesa ba kusa ba. Ba wata sabuwar ƙaramar hukuma aka ƙirƙira da daddare ba. Abin da ya faru shi ne wani ya rubuta Dawakin Kudu, wani ya gajarta ya rubuta D/Kudu, wani kuma yatsansa ya zame harafi ɗaya ya faɗi. Kwamfuta ta ɗauki kowanne a matsayin gari mai zaman kansa, ta ba shi layinsa da adadinsa.

Mu a wajenmu wannan ba abin ruɗani ba ne. Bahaushe ya san cewa Garba da Habu da Buba duk Abubakar ne, kuma idan aka kira kowanne daga cikin sunayen mutum ɗaya ne zai amsa. Wannan sani a cikin kanmu yake, mun tashi da shi. Kwamfuta ba ta da shi. Ita harafi take kwatantawa da harafi, daga na farko har na ƙarshe, kuma da zarar ɗaya ya saɓa ta yanke hukuncin cewa abubuwa biyu ne. Don haka kafin a ce ta tara ko ta ƙirga, sai an rubuta mata wannan sanin a wani jadawali na daban, wanda yake cewa rubutu kaza da rubutu kaza duk wuri kaza suke nufi. Jadawalin daidaita sunaye ke nan, kuma shi ne aikin da aka fi tsallakewa a ofisoshinmu, alhali duk alƙaluman da za a kai gaban shugabanni a kansa suke tsaye.

Manoma dubu, ƙananan hukumomi biyar

Mu ɗauki misali mu bi shi har ƙarshe. A ce wata ƙungiyar manoma ta yi wa mambobi 1,000 rajista domin rabon taki, a ƙananan hukumomi biyar na Kano: Dawakin Kudu, Dawakin Tofa, Tofa, Ɗambatta da Kura. Matasa da yawa ne suka yi aikin, kowa da hannunsa, aka kuma haɗa komai a shafi ɗaya na Excel. Sakataren ƙungiya ya danna PivotTable yana sa ran layi biyar. Ga abin da ya gani:

```
Tofa            150
Kura            140
Dawakin Kudu    120
Dawakin Tofa    110
D/Kudu           95
Dambatta         90
Danbatta         75
D/Tofa           70
Dawakin-Kudu     30
Dawakin Kudu     25
Dawaki           24
Ɗambatta         20
D.Tofa           15
(blank)          12
Dawakinkudu       8
Dawakin Topa      5
DBT               5
Kurah             4
Dawakin Kdu       2
```

Layi 19 maimakon biyar. Duk wanda ya kalli saman wannan jeri zai ce Tofa ce ta fi kowa yawan manoma, Kura na biye da ita. Gaskiyar kuwa akasin haka ce. Idan aka haɗa rubutu shida na Dawakin Kudu, manomanta 280 ne. Dawakin Tofa tana da 200, Ɗambatta 190, sannan Tofa ta zo ta huɗu da 150, Kura ta biyar da 144. Tofa ba ta hau sama don yawan jama'a ba, ta hau ne don sunanta gajere ne, harafi huɗu, ba a gajarta shi kuma da wuya a yi kuskure wajen rubuta shi. Wannan ita ce illar da ba a cika lura da ita ba: kuskuren ba ya rabuwa daidai a kan kowa. Gari mai dogon suna, ko mai kalma biyu, ko mai harafi mai lanƙwasa, shi ne kullum ake daddatsa masa adadi, gari mai gajeren suna kuwa ya fita da nasa cif. Idan aka ware buhu ɗaya ga kowane manomi, kuma mai rabon ya duba layin da aka rubuta Dawakin Kudu na farko kaɗai, buhu 120 zai tura can, manoma 160 su koma gida hannu rabbana, ba tare da wani ya yi niyyar zaluntarsu ba.

Mai karatu zai lura cewa Dawakin Kudu ta fito sau biyu da rubutu iri ɗaya sak, ɗaya 120 ɗaya 25. Ba kuskuren ɗab'i ba ne. Na biyun yana da tazara a ƙarshensa, wato mai shigar da bayanan ya taɓa dogon maɓallin nan bayan ya gama rubuta kalmar. Ido ba ya ganin tazarar, amma a wajen kwamfuta harafi ce kamar kowane harafi. Wayoyin hannu suna yawan jawo wannan, domin idan ka zaɓi kalmar da waya ta hasko maka takan ƙara tazara da kanta.

Inda bambancin yake fitowa

Ba dukkan waɗannan rubuce-rubuce ne kuskure ba, kuma yana da kyau a bambance, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Dawakin Kdu kuskuren yatsa ne zalla. D/Kudu kuwa al'ada ce da ta daɗe a takardun Arewa, ita ce ta ba mu T/Wada da R/Gado da B/Kudu da S/Gari, kuma wanda ya rubuta haka bai yi laifi ba. DBT haruffan lambar mota ne, irin KMC da ake gani a motocin Birni da kewaye. Danbatta da Dambatta sun samo asali ne daga yadda baki yake furta kalmar: idan harafin n ya zo gaban b, leɓɓa sukan haɗe ya koma m, sai wani ya bi asalin kalma wani ya bi furuci. Sai kuma batun lanƙwasa. A wajen kwamfuta D da Ɗ ba harafi ɗaya ba ne da aka yi wa ado, haruffa biyu ne masu lambobi daban, nisansu kamar na D da Z. Mai wayar da ke da haruffan Hausa zai rubuta Ɗambatta, wanda ba shi da su ya rubuta Dambatta, wani ma ya yi dabara ya sa 'Dambatta ko D'ambatta.

A kan wannan kuma akwai gadon rubutun Turawa. Sokoto da Sakkwato, Zaria da Zariya, Hadejia da Haɗeja, kowanne yana da masu rubuta shi. Wanda yake tattara bayanai daga ɓangarori biyu na iyaka, misali ɗan kasuwar hatsi ko ma'aikacin rigakafi, zai haɗu da salon Faransanci: Tahoua da Tawa, Tessaoua da Tasawa, Maradi da Maraɗi, ga kuma Zinder da Damagaram waɗanda ko harafin farko ba su haɗa ba. Sunaye masu alamar tsayawar murya, irin Jama'are da Mai'aduwa, suna da tasu matsalar, domin alamar da waya take sakawa mai lanƙwasa ce, ta wasu kwamfutoci kuma miƙaƙƙiya, kuma waɗannan ma haruffa biyu ne.

Gyaran hannu da abin da yake ɓatawa

Abin da ya fi zuwa wa mutum a rai idan ya ga jeri irin na sama shi ne ya buɗe Find and Replace ya fara gyara kai tsaye a cikin bayanan. A ganina wannan ita ce hanya mafi haɗari, kuma dalilan a fili suke. Na farko, da zarar ka goge D/Kudu ka rubuta Dawakin Kudu a kansa, ka shafe shaidar abin da aka rubuto daga fili. Idan gobe aka gano ka yi kuskure a wani layi, babu inda za a koma a duba. Na biyu, aikin ba ya ajiyuwa. Wata mai zuwa sabuwar rajista za ta zo da D/Kudu ɗinta, sai a sake farawa daga tushe, kuma idan wani ne zai yi, ba lallai ya yanke hukunci irin naka ba.

Na uku shi ne ɓarnar da ba ta yin ƙara. A ce sakataren ya ga D/Kudu da D/Tofa, sai ya yi wayo ya ce duk inda aka ga D/ a mayar da shi Dawakin. A rajistar Kano ta yi masa aiki. Ran da aka haɗo bayanan Katsina, D/Ma, wato Dutsin-Ma, za ta zama Dawakin Ma, D/Musa kuma, wato Ɗanmusa, ta zama Dawakin Musa, garuruwan da babu su. Haka nan idan ya ce a ƙirga masa duk layin da kalmar Tofa ta bayyana a ciki, zai samu 345: na Tofa 150, da na Dawakin Tofa 110, da D/Tofa 70, da D.Tofa 15. Ya haɗe ƙananan hukumomi biyu maƙwabtan juna, ya kuma bar mutum biyar na Dawakin Topa a waje, kuma babu wata alama a allon da za ta gargaɗe shi.

Yadda ake gina jadawalin

Ƙa'ida ta farko ita ce ba a taɓa ainihin gurbin da aka shigar da sunaye. Ana buɗe sabon gurbi a gefensa, duk gyara a can zai zauna. A nan ake fara yin shara ta gama-gari, wadda ba ta buƙatar hukunci: cire tazarar farko da ta ƙarshe. Idan sunayen suna gurbin B, wannan ya isa:

```
=TRIM(SUBSTITUTE(B2,CHAR(160)," "))
```

TRIM yana share tazarar da ta yi yawa. Amma akwai wata irin tazara da takan biyo rubutun da aka kwafo daga intanet, wadda TRIM ba ya ganewa, shi ya sa aka fara musanya ta da SUBSTITUTE. Da wannan kaɗai mutum 25 ɗin nan sun koma cikin 'yan'uwansu, rubuce-rubucen da suka rage sun zama 17, ban da guraben da aka bari fayau. Excel ba ya damuwa da babban baƙi ko ƙarami wajen irin wannan bincike, amma wasu manhajoji da yawa suna damuwa, a wajensu KURA da Kura abu biyu ne. Wanda yake aiki da irinsu sai ya mayar da komai ƙaramin baƙi tun a wannan mataki.

Daga nan sai a fitar da jerin kowane rubutu sau ɗaya tare da adadinsa, kamar wanda muka gani a sama, a kai shi sabon shafi. A jera shi sau biyu: bisa yawa, domin a san inda nauyi yake, sannan bisa haruffa, domin masu kama da juna su zauna kusa. A gaban kowane rubutu sai mutum, ba na'ura ba, ya rubuta sunan da aka amince da shi:

```
rubutu          suna            dalili
D/Kudu          Dawakin Kudu    gajartawa
Dawakin Kdu     Dawakin Kudu    kuskuren yatsa
Dawakin Kudu    Dawakin Kudu    daidai
Danbatta        Dambatta        wani salon rubutu
DBT             Dambatta        lambar mota
Dawaki          BA A SANI BA    a duba mazaɓa
```

Abubuwa biyu a lura da su. Sunan da yake daidai ma yana buƙatar layinsa, domin jadawalin ne zai fassara kowane rubutu, ba gurɓatattu kaɗai ba. Sannan gurbi na uku, na dalili, ba ado ba ne. Shi ne zai gaya wa wanda ya gaje ka a kujerar, ko kai kanka bayan wata shida, a kan me aka dogara aka ce DBT Ɗambatta ce. Idan an tambayi wani jami'in fili kafin a yanke hukunci, a rubuta haka da ranar da aka tambaya.

Wane rubutu za a ɗauka a matsayin na daidai? Amsar ta dogara da wanda za ka haɗa alƙalumanka da nasa. Idan za ka kwatanta yawan manomanka da ƙidayar jama'a, ko ka ɗora su a kan taswira, to bi rubutun wancan jerin harafi da harafi, ko da a ranka ka fi son wani. Shi ya sa a misalin nan aka sa Dambatta ba lanƙwasa, duk da cewa Ɗambatta ne rubutun Hausa. Babu abin da zai hana a ƙara gurbi na huɗu mai ɗauke da rubutun Hausa tsantsa, domin rahoton da jama'a za su karanta. Abin da ba ya yiwuwa shi ne a zaɓi wannan yau, a zaɓi wancan gobe.

Yanzu sai a haɗa shafukan biyu. A ce an sa wa shafin jadawalin suna Kamus, kuma sharerren rubutun yana gurbin C:

```
=XLOOKUP(C2,Kamus!A:A,Kamus!B:B,"SABON RUBUTU")
```

Ma'anarsa: ɗauki abin da ke C2, nemo shi a gurbin farko na Kamus, kawo abin da ke gabansa, idan kuma ba ka same shi ba ka rubuta SABON RUBUTU. Wannan ɓangaren na ƙarshe shi ne mai gadin aikin, domin shi zai tona duk wani salon rubutu da ya shigo daga baya. Masu tsohon Excel da babu XLOOKUP a cikinsa suna amfani da VLOOKUP, kuma a nan akwai rami. Dole a rufe shi da FALSE:

```
=VLOOKUP(C2,Kamus!A:B,2,FALSE)
```

Idan aka manta da FALSE, VLOOKUP ba ya neman daidai wa daida. Yakan kawo abin da ya ga ya kusa a jerin haruffa, ya cika gurbin da sunan wata ƙaramar hukuma ba tare da ya nuna akwai matsala ba. Shafi ya fito tsaf, babu ja babu gargaɗi, amma mutanen wani gari suna zaune a ƙarƙashin sunan wani.

Mutum 24 na Dawaki

A nan ne aikin yake daina zama na maɓalli ya koma na tunani. Mutum 24 an rubuta musu Dawaki kawai. Mutumin Dawakin Kudu idan yana gida Dawaki yake cewa, na Dawakin Tofa ma haka. Duk wanda ya rubuta hakan ya san wadda yake nufi, amma sanin bai biyo takardar ba. Jarabar da ke zuwa ita ce a ce ai Dawakin Kudu ta fi yawa, a zuba mata su. Wannan zato ne, kuma da zarar an rubuta zato a gurbin suna ya yi kama da tabbas, babu mai iya bambance su daga baya.

Hanyar da ta dace ita ce a nemi shaida a sauran guraben layin. Idan an rubuta mazaɓa ko ƙauye, magana ta ƙare: wanda aka rubuta masa Tamburawa na Dawakin Kudu ne, wanda aka rubuta masa Dawanau na Dawakin Tofa ne. Idan babu, a duba sunan ma'aikacin da ya yi rajistar da ranar da ya yi, domin galibi mutum ɗaya a wuri ɗaya yake yini. A ce ta wannan hanya an gano 15 na Kudu ne, shida na Tofa, uku kuma babu abin da ya nuna. Waɗannan ukun su zauna a ƙarƙashin BA A SANI BA tare da mutum 12 da aka bar gurbinsu babu komai, har sai an kira su a waya ko an koma fili. Irin wannan gyara na layi-layi ba ya shiga babban jadawali, domin Dawaki ba ta da fassara guda. Ana ajiye shi a ƙaramin jeri na daban, mai lambar rajistar mutum da hukuncin da aka yanke masa.

Sakamakon ƙarshe ya zama Dawakin Kudu 295, Dawakin Tofa 206, Ɗambatta 190, Tofa 150, Kura 144, waɗanda ba a tantance ba 15. Na fi ganin mutuncin rahoton da ya fito fili ya ce akwai mutum 15 da bai san inda suke ba, a kan wanda ya raba su a ɓoye don shafi ya yi kyau.

Dawaki ba ita kaɗai ce mai fuska biyu ba. B/K na iya zama Birnin Kudu ta Jigawa ko Birnin Kebbi. Mafi wahala ma shi ne sunan da aka rubuta daidai amma wurare biyu suke amsa shi. Akwai ƙaramar hukumar Nasarawa a cikin birnin Kano, akwai wata a Jihar Nasarawa, kuma a takardu za ka ga kowacce wani lokaci da s ɗaya wani lokaci da biyu. Akwai Bassa a Filato da Kogi, Obi a Binuwai da Nasarawa, Surulere a Legas da Oyo, Ifelodun da Irepodun kuma kowacce tana Kwara tana Osun. Wanda ya tara bayanan ƙasa baki ɗaya bisa sunan ƙaramar hukuma kaɗai zai samu ƙasa da 774, domin ya narkar da waɗannan cikin juna. Maganin shi ne mabuɗin jadawalin ya zama jiha haɗe da ƙaramar hukuma, ko kuma, wanda ya fi, a ba kowace ƙaramar hukuma lamba, a riƙa tarawa bisa lambar.

Amfanin lamba yana ƙara fitowa idan aka tuna cewa suna kan canza. A watan Maris na 2023 aka sa hannu kan gyare-gyaren tsarin mulki da suka haɗa da sauya sunan Kunchi ta Jihar Kano zuwa Ghari, da Egbado ta Arewa da ta Kudu a Ogun zuwa Yewa. Cikin gyare-gyaren har da na kuskuren rubutu a tsarin mulkin 1999 kansa, inda aka gyara Atigbo zuwa Atisbo a Oyo. Mai bayanan shekaru goma zai ga Kunchi a tsofaffi, Ghari a sababbi. Idan yana da jadawali, layi ɗaya zai ƙara, tsofaffin bayanai da sababbi su haɗu.

Me ya hana a bar wa manhaja?

Akwai manhajoji da suke taimakawa ƙwarai, kuma wadda aka fi sani ita ce OpenRefine, kyauta ce. Tana duba rubuce-rubuce ta tara masu kama da juna, ta ce ga waɗanda nake zaton abu ɗaya ne. Ɗaya daga cikin hanyoyinta ita ce ƙirga harafi nawa za a canza kafin wannan kalma ta zama waccan. Tsakanin Dawakin Kdu da Dawakin Kudu harafi ɗaya ne, don haka za ta kama shi nan take. Idan rubuce-rubucen sun kai ɗaruruwa, wannan yana rage wahala sosai.

Sai dai a dubi taswirar Arewa. Tsakanin Kaura da Kauru ma harafi ɗaya ne, kuma ƙananan hukumomi biyu ne daban a Jihar Kaduna. Cire harafi ɗaya daga Kaura ka samu Kura ta Kano. Garko tana Kano, Garki tana Jigawa. Dutse babban birnin Jigawa ne, Dutsi ƙaramar hukuma ce a Katsina. Rano da Kano, Kabo da Kano, duk harafi ɗaya ya raba su. Ma'aunin da ya kama kuskuren yatsa shi ne zai haɗe waɗannan. A ɗaya gefen kuma, babu ƙirgen haruffa da zai gano cewa Zinder ita ce Damagaram, ko Kunchi ita ce Ghari. Saboda haka manhaja ta kawo shawara, mutumin da ya san ƙasar ya amince ko ya ƙi, a kuma rubuta hukuncin a jadawali. Mafi dacewa da wannan aiki ba lallai ya zama gwanin kwamfuta ba. Direban ofis da ya zaga ƙauyukan zai iya warware abin da ya gagari mai digiri.

Yadda za a san an yi daidai

Binciken bai da wuya, kuma bai kamata rahoto ya fita ba a yi shi ba. Jimillar kafin gyara dole ta zama jimillar bayan gyara: an fara da 1,000, a ƙare da 1,000. Idan ta ragu, wasu layuka sun zube, galibi waɗanda ba a samu rubutunsu a jadawali ba. Idan ta ƙaru, to akwai rubutun da ya fito sau biyu a gurbin farko na jadawalin, domin a manhajojin da suke haɗa jadawali da jadawali irin wannan maimaici yana ninka layukan. A Excel ba ya ninkawa, na farko kawai yake ɗauka ya yi watsi da na biyu, wanda shi ma ɓarna ce idan fassarar biyun ta saɓa. Sannan a ƙirga rukunan da suka fito: an san biyar ake nema, idan aka ga shida ban da na waɗanda ba a tantance ba, akwai saura. A ƙarshe a nemi SABON RUBUTU, kada a bar ko ɗaya.

Duk wannan magani ne bayan cuta ta kama. Rigakafin shi ne kada a bar mutum ya rubuta sunan ƙaramar hukuma da hannu tun farko. A Excel akwai Data Validation, wanda yake mayar da gurbi ya zama jerin zaɓi. A manhajojin tattara bayanai ta waya irin KoboToolbox da ODK ana tsara tambayar ta zama zaɓi ɗaya daga jeri, har a sa idan mutum ya zaɓi Kano, ƙananan hukumomin Kano 44 ne kaɗai za su bayyana masa. Amma ko an yi haka jadawalin ba zai mutu ba, domin tsofaffin rajistoci suna nan, takardun hannu na asibitoci da makarantu suna nan, kuma abokan hulɗa za su ci gaba da turo nasu da irin nasu rubutun.

Don haka ga shugaban ƙungiya ko na ofis da ake kawo wa alƙaluma ya sa hannu, ko da bai taɓa buɗe Excel ba: kafin ka amince da duk wani rahoto da aka kasa bisa gari, ko cuta, ko sana'a, ko nau'in amfanin gona, ka ce a nuna maka jerin sunayen yadda aka rubuto su daga fili, da jadawalin da aka bi aka haɗe su, da adadin waɗanda ba a iya tantancewa ba. Idan aka ce maka an gyara da hannu kuma ba a ajiye komai ba, ka mayar da rahoton a sake.